Kama da Wane Ba Ta Wane: Ciwon Sugan Gado a Jikin Matashi Marar Ƙiba

Idan saurayi ko budurwa mai shekara goma sha takwas ta shiga asibiti a Jos, ga ta siririya, ga suga ya hau, kusan kowa ya riga ya san abin da za a rubuta a katinta: nau'i na ɗaya, a fara allurar insulin. Idan kuwa mai shekara talatin ne, sai a ce nau'i na biyu, a ba shi metfomin, a ce ya koma cin acca. Galibi wannan hukunci daidai ne, kuma fara insulin ga matashin da sugansa ya yi sama sosai shi ne hanyar da ta fi aminci. Sai dai akwai wasu 'yan kaɗan da ba sa cikin gida biyun nan. Nasu ciwon ya samo asali ne daga tangarɗa a ƙwayar gado guda ɗaya tak, wadda ɗa ke karɓa daga uwa ko uba. A takardun asibiti za ka ga an rubuta shi MODY.

Wani likita a Landan, Robert Tattersall, shi ya fara bayyana irin waɗannan iyalai dalla-dalla a 1974, kuma daga 1992 zuwa 1997 aka gano manyan ƙwayoyin gadon da ke haddasa shi. A ƙasashen Turai ana ƙiyasta cewa mutum ɗaya zuwa biyu ne cikin kowane ɗari na masu ciwon suga. Ko a Birtaniya, inda gwajin yake a kusa, wani bincike na 2010 ya ƙiyasta cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na masu shi ba a gano su ba, suna yawo da sunan nau'i na ɗaya ko na biyu. Abin da ya sa maganar ta cancanci shafin nan shi ne maganin ya bambanta. Wani cikinsu ƙwaya ƙarama ta ishe shi maimakon allura, wani ma ba ya bukatar komai. Duk wanda ya san kuɗin kwalbar insulin da sirinji da tsinken gwaji a wata, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Fara da takarda da biro

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. A zauna da dattijuwar gida, a zana zuriya hawa uku: kakanni, iyaye da baffanni da goggonni da kawunnai, sannan mai ciwon da 'yan'uwansa. Gaban duk mai suga a rubuta abu uku: shekarunsa lokacin da aka gano, yanayin jikinsa a lokacin, da maganin da yake sha. Cewa kawai "ai suga gadon gidanmu ne" ba ta wadatar ba, domin nau'i na biyu ma yana bin dangi sosai. Abin da ake nema shi ne layi ɗaya miƙaƙƙe wanda bai tsallake hawa ba, daga kaka zuwa ɗa zuwa jika, ta ɓangare ɗaya, aƙalla mutum ɗaya an gano nasa kafin shekara 25, kuma yawancinsu ba masu ƙiba ba. Kowane ɗan mai wannan ƙwaya yana da rabi da rabi: ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba, namiji ne ko mace.

A nan gidajenmu masu mata fiye da ɗaya suna da wani amfani da littattafan Turawa ba su cika ambata ba. Idan ciwon ya bayyana a ɗakin uwargida, ya kuma bayyana a ɗakin amarya, wato 'yan uba sun yi tarayya a cikinsa, to hankali ya koma kan maigida da danginsa. Idan kuwa 'yan ɗaki ɗaya kaɗai ya kama, a bi ta dangin uwarsu. In aka tarar suga yana tafiya tare da raunin ji, kuma ta wajen mata kaɗai yake sauka, ba a taɓa ganin namiji ya ba 'ya'yansa ba, wannan wani nau'i ne daban da ake gado ta uwa zalla, kuma ya kamata likita ya ji wannan bayani da bakin mai ciwon.

Nau'i na ɗaya ba haka yake ba. Mafi yawan yaran da ke da shi iyayensu lafiya lau suke. Yakan zo da gaggawa, cikin 'yan makonni: ƙishirwa, yawan fitsari har da na kwance, rama, wani lokaci amai da numfashi sama-sama har a kwantar da yaro. Na gadon ƙwaya ɗaya kuwa a hankali yake shigowa. Sau da yawa a gwajin shiga makaranta ko na ɗaukar aiki ko wajen awon ciki ake tsintarsa, mutum bai ma san yana da komai ba.

Bambanta shi da nau'i na biyu kuma sai an dubi jiki. Matashi mai nau'i na biyu yawanci yana da tumbi ko ƙiba, hawan jini kan biyo baya, kuma sau da yawa za ka ga bayan wuyansa da hammatarsa sun yi baƙi da kauri kamar dauɗar da sabulu ba ya fitarwa. Wannan alama ce ta jikin da insulin ba ya ratsa shi da kyau. Mai ciwon ƙwaya ɗaya ba shi da wannan matsala. Nasa insulin ɗin ne ba ya fitowa yadda ya kamata. Amma a yi hattara da kalmar "siriri". Suga da kansa yana ramar da mutum, saboda haka tambayar ita ce yaya jikin yake shekara guda kafin ciwon, ba ranar da aka zo asibiti ba. Tsohon hoton Sallah ya fi ƙwaƙwalwa faɗin gaskiya a nan.

Iri biyu da suka fi yawa

Na farko shi ne na ƙwayar GCK. Aikinta auna sugan jini, ta gaya wa jiki lokacin da zai saki insulin. Kamar ƙwallon nan ne na cikin tankin ruwa da ke rufe famfo idan ruwa ya kai iyaka. A wajen waɗannan mutane an ɗaure ƙwallon ya ɗan yi sama, tanki yana cika fiye da na kowa kaɗan, amma yana tsayawa, ba ya ambaliya. Tun daga haihuwa sugansu na safe kafin karin kumallo yana zaune tsakanin 5.5 da 8 mmol/L, wato kusan 100 zuwa 145 mg/dL a na'urorin da ke ƙirga ta haka. HbA1c ɗinsu ba ya cika wuce 7.6. Bana haka, baɗi haka, bayan shekara goma ma kusan haka. Idan aka ba su ruwan gulukos na gwaji, bayan awa biyu hawan da sugan ke yi kaɗan ne, a mafi yawansu bai kai 3 mmol/L ba. Ba sa jin komai, kuma da wuya ciwon ya taɓa musu ido ko ƙoda. Ƙwaya da allura ba sa sauya lambar sosai, domin jiki yana mayar da ita inda ya saba. Hanya mai sauƙi ta ƙarfafa zato ita ce a gwada sugan safe na uwa da uba, ko da sun rantse lafiyarsu ƙalau. Sau da yawa ɗayansu zai nuna 6 da wani abu. Wanda aka tabbatar masa da wannan ba ya bukatar magani, sai mace mai juna biyu, wadda za a riƙa duba girman cikin jaririnta a hoto daga wajen mako 26, a ba ta insulin idan yaron yana girma fiye da kima.

Na biyu, na ƙwayar HNF1A, shi ne wanda aka fi ruɗewa da nau'i na ɗaya, kuma ba abin wasa ba ne. Ana haihuwar yaro da suga daidai, sai wajen balaga zuwa shekara ashirin da wani abu insulin ya fara ja baya. Da farko sugan safe kan yi kyau, amma bayan cin abinci ya yi tsalle. Ƙodarsu tana sakin suga cikin fitsari tun na jini bai hau sosai ba, shi ya sa gwajin fitsari kan fara tona su. Babbar alamarsu ita ce yadda jikinsu ke amsa magungunan dangin salfonilyuriya, irin su giliklazayid da gilibenkilamayid. A wani gwaji da masu bincike na Exeter suka wallafa a 2003, giliklazayid ya sauke musu suga kusan ninki biyar na abin da metfomin ya yi. Idan ba a kula da shi ba yana lalata ido da ƙoda da jijiyoyi kamar kowane ciwon suga.

Akwai wasu ƙanana da zan ambata a gurguje. Idan a gidan ana haihuwar jarirai manya, sama da kilo huɗu, sugansu yana faɗuwa a kwanakin farko, sannan suga ya kama su a samartaka, a tuna da HNF4A, wanda shi ma yana jin magungunan salfonilyuriya. Idan suga ya haɗu da ƙulli mai ruwa a ƙoda ko mahaifa mai siffa daban, a tuna da HNF1B, wanda galibi insulin yake bukata. Kuma a gidajen auren zumunci, ciwon kan iya ɓulla a yara biyu ko uku alhali iyaye lafiya lau, tare da raunin gani ko ji ko ƙarancin jini. Rashin layin gado a nan ba ya kore batun.

Mu bi misali ɗaya

Ga misali da na tsara domin a ga yadda ake haɗa alamun. Budurwa ce mai ɗinki a Unguwar Rogo, shekararta 24, nauyinta kilo 54, tsayinta mita 1.63, wato jikinta daidai yake. Tana da shekara 17 aka ga suga a fitsarinta wajen gwajin shiga makaranta, na jini bayan abinci ya nuna 13 mmol/L, aka ɗora ta kan insulin. Shekara bakwai ke nan tana yin yunit 14 a rana.

Lissafi na farko: a raba 14 da 54, ya ba da kusan 0.26 ga kowane kilo. Mai nau'i na ɗaya da ya shekara bakwai yawanci yana bukatar 0.5 zuwa 1 ga kowane kilo, wato ita da sai ta yi tsakanin yunit 27 da 54. A shekarar farko ko ta biyu ƙarancin bukata ba abin mamaki ba ne, domin akwai ɗan lokacin sauƙi da nau'i na ɗaya kan bayar kafin ragowar insulin ɗin jiki ya ƙare. Bayan shekara biyar kuwa, abin tambaya ne.

Na biyu, likita ya tambaye ta ko ta taɓa yankewa daga allura. Cikin jin kunya ta ce bara kuɗi sun yanke, ta yi mako uku ba ta yi ba; ta sha ruwa da yawa, na'ura ta nuna 16, amma ba ta yi amai ba, ba a kwantar da ita ba. Mai cikakken nau'i na ɗaya da wuya ya kai kwana biyu ko uku haka ba tare da jininsa ya cika da sinadarin kiton ya galabaita ba. Marasa lafiya kan ɓoye irin wannan labari don tsoron faɗa, alhali yana cikin bayanai mafi daraja da za su ba likita.

Na uku, zuriya. Mahaifinta siriri ne, an gano nasa yana da shekara 31, kuma yakan ce rabin ƙwayar gilibenkilamayid ma sa shi rawar jiki da gumi take yi kafin azahar. Mahaifiyarsa, wato kakarta, da suga ta rasu. Wani ɗan ubanta daga ɗakin amarya an gano nasa yana da shekara 22. Hawa uku ke nan, ɗaki biyu, ɓangare ɗaya.

Sai yanzu ake kashe kuɗi. Gwajin farko shi ne C-peptide, wani guntun sinadari da jiki ke fitarwa tare da insulin nasa na kansa, wanda babu shi a cikin na kwalba. Ana ɗibar jinin ne bayan cin abinci, a auna suga a lokaci guda, domin idan sugan yana ƙasa, a ce bai kai 8 mmol/L ba, sakamakon kan fito ƙasa ya yaudari mutum. Wanda ya wuce shekara uku zuwa biyar da nau'i na ɗaya galibi nasa yana ƙasa da 200 pmol/L, kimanin 0.6 ng/mL. Nata ya fito 620, suga yana 11. Jikinta yana yin insulin ke nan. Gwaji na biyu shi ne na sojojin garkuwar jiki da ke kai wa masana'antar insulin hari a nau'i na ɗaya: GAD, IA-2, da ZnT8 in ana samu. Da a ce ɗaya ya fito da ƙarfi, da maganar ƙwaya ɗaya ta kusa mutuwa, domin ƙasa da kashi 1 cikin ɗari na masu MODY ke da su. Nata duka babu.

Inda mu a nan za mu taka a hankali

A Turai, matashi marar ƙiba da ba shi da waɗannan sojoji ya riga ya shiga layin gwajin gado. A Afirka abin bai zo da sauƙi haka ba. Wani bincike da aka wallafa a 2025, kan matasa 894 daga Kamaru da Uganda da Afirka ta Kudu waɗanda aka ce suna da nau'i na ɗaya, ya tarar kusan kashi 65 cikin ɗari ba su da sojojin, amma duk da haka yawancinsu insulin ɗin jikinsu ya yi ƙasa ƙwarai. Ma'ana, a wajenmu sakamakon "babu GAD" shi kaɗai ba ya nufin MODY, kuma ko kusa ba izinin ajiye allura ba ne. Shi ya sa na sa C-peptide a gaba: idan kuɗin gwaji ɗaya kawai ake da shi, kuma ciwon ya haura shekara uku, a ganina shi ya fi cancanta.

Akwai kuma wasu masu kama da MODY da likitocin Nijeriya suka daɗe da sani. Akwai wanda ke zuwa da kiton kamar nau'i na ɗaya, bayan 'yan watanni ya lafa har a daina insulin, daga baya ya dawo. Akwai na tsakuwa a fankiriyas, wato naman nan da ke kwance bayan tumbi inda ake yin insulin, wanda aka bayyana a Ibadan tun shekarun 1960. Alamarsa ciwon ciki mai dawowa tun ƙuruciya da bayan gida mai maiƙo, kuma hoton ciki kan nuna shi. Akwai na wanda ya sha yunwa tun yana ƙarami, wanda Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta amince da kiransa nau'i na biyar a 2025. Dukkansu sirara ne, dukkansu matasa. Abin da ya ware budurwarmu daga cikinsu shi ne layin gadon nan, da tarihin cin abinci mai kyau, da hoton ciki mai tsabta. A ƙara da cewa sikila, ƙarancin jini da ƙarin jini na kwanan nan suna iya karkatar da HbA1c, don haka a faɗa wa likita in akwai ɗaya.

Masu binciken Exeter suna da ma'aunin ƙiyasi kyauta a diabetesgenes.org, inda ake shigar da shekaru, nauyi, HbA1c da tarihin iyaye, ga wanda aka gano nasa kafin shekara 35. An gina shi ne da bayanan Turawa, don haka lambar da zai ba ɗan Gangare ko Bukuru ishara ce kawai.

Tabbaci na ƙarshe gwajin ƙwayar gado ne, kuma yawanci sai an aika samfurin jini wani babban ɗakin gwaji a waje, da tsada. Amma mutum ɗaya ake fara yi wa. Idan an gano tangarɗar, neman ita kaɗai a sauran dangi ya fi sauƙi, don haka dangi na iya haɗa kuɗin. Wurin da ya dace a kai wannan magana shi ne sashen masu ciwon suga na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Wanda ke ganin likita a Jankwano ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato ko wani ƙaramin asibiti yana iya neman takardar turawa.

Idan an tabbatar da HNF1A, ko kuma ƙwararren likita ya ga alamun sun yi ƙarfi kuma C-peptide ya wadata, akan gwada sauyawa ƙarƙashin kulawarsa. Ana farawa da kaɗan, giliklazayid miligiram 20 zuwa 40, wato kwata ko rabin ƙwayar 80, ana auna suga sau da yawa a rana, ana duba kiton a fitsari a kwanakin farko. Kiton ya bayyana, ko amai, ko suga ya ƙi sauka, a koma insulin nan take. Haɗarin da ya fi yawa ma shi ne faɗuwar suga, don haka a riƙa yawo da sukari ko alewa, kuma a tattauna batun azumi tun kafin Ramadan. Wanda ya daɗe da ciwon ba lallai ƙwaya ta ishe shi ba, wasu kuma bayan shekaru sukan koma bukatar insulin. Mace ta sanar da likita kafin ta ɗauki ciki, domin tsarin magani yana sauyawa. Duban ido da ƙoda na shekara-shekara yana nan daram.

Abu ɗaya ba ya jiran zana zuriya: jaririn da aka gano masa suga kafin ya cika wata shida. Wannan kusan ba ya zama nau'i na ɗaya. Kaso mai yawa na irin waɗannan jarirai tangarɗarsu tana cikin KCNJ11 ko ABCC8, kuma a binciken 2006 mutum 44 cikin 49 masu ta KCNJ11 sun bar insulin sun koma ƙwaya. Ko yaron ya girma, ko ya kai shekara ashirin, in dai a watannin nan aka gano, a nemi gwajin.

Mai karatu, idan ka ga kanka ko ɗanka a cikin wannan bayani, ka zana zuriyar, ka lissafa yunit ɗinka a kan nauyinka, ka rubuta duk lokacin da ka taɓa yankewa daga allura da abin da ya faru, ka kai wa likitanka takardar a zuwanka na gaba. Kafin nan kada ka rage ko yunit ɗaya, kuma kada ka sayi ƙwaya a kemis don gwadawa da kanka.